Yadda ake yankan kayan lambu irin na makarantar koyon girki, da abin da malami ke dubawa ranar jarrabawa

A yawancin makarantun koyon girki, jarrabawar aiki ta farko ba ta kai ga dafa abinci. Za a ajiye maka karas, albasa, dankalin turawa, tumatir da ɗan ganye, a ba ka wuƙa da katakon yanka, a ce ka fitar da yanka kaza da kaza kafin lokaci ya cika. Sunayen yankan duk na Faransanci ne: juliyen, burunuwas, batone, masedwan, jardiniya, feyizan, mirfuwa, shifonad, konkase, turne. Daga ɗakunan girkin Faransa tsarin ya fito, a zamanin manyan masu girki irin su Auguste Escoffier ya daidaita, sannan makarantu irin su Le Cordon Bleu, wadda aka buɗe a Paris a 1895, suka yaɗa shi duniya.

Ɗalibi kan ga sunayen nan ya ɗauka sana'o'i goma ne zai koya. Ba haka ba ne. Fiye da rabinsu aiki ɗaya ne mai hawa huɗu: a daidaita gunduwa ta zama mai gefe huɗu, a fitar da fallaye daga jikinta, a yanka fallayen su zama sili, a datse silin su zama ƙwayoyi. Inda ka tsaya a hawan, da kaurin da ka zaɓa, su ne ke ba yankan sunansa. Wanda ya iya fitar da falle mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa ya ci rabin jarrabawar, wanda kuma ya ɓata falle babu gyaran da zai yi daga baya.

Dalilin da ya sa ake matsa wa girma ɗaya

A jarrabawar rubutu kusan ba a rasa wannan tambayar, kuma amsar da ake so ita ce don abinci ya nuna tare. Kyan gani yana zuwa ne a baya. Zafi daga waje yake shiga cikin yanka, kuma lokacin da yake ɗauka kafin ya kai tsakiya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri. Idan ka ninka kauri sau 2, lokacin yakan ninku kusan sau 4. Ke nan idan ƙwayar karas mai milimita 3 ta haɗu da mai milimita 6 a tukunya ɗaya, ƙaramar za ta yi lugub ta fara narkewa babbar tana nan da garas-garas. Duk wanda ya taɓa cin soyayyiyar shinkafar biki ya tauna ɗanyen karas a loma ɗaya, ya ji wani ya dame a loma ta gaba, ya san wannan matsalar a bakinsa.

Daga nan amfanin kowane yanka ya samo asali. Ƙanana da sirara na girkin da ba ya daɗewa a wuta ne, ko na abin da za a yayyafa a kan abinci. Manya na dahuwar sa'o'i ne.

Awon ba ɗaya ba ne a ko'ina

Kafin ka haddace kowace lamba, ka san tsarin da makarantarka ke bi, don nan ne ɗalibai ke zubar da maki a banza. A tsarin Amurka juliyen milimita 3 ne a kauri, milimita 3 a faɗi, tsawonsa kimanin santimita 5, burunuwas kuma ƙwaya ce mai milimita 3 ta kowane gefe. Batone milimita 6 ne da 6, tsawonsa santimita 5 zuwa 6, idan an datse shi a sami ƙaramar ƙwaya mai milimita 6. Matsakaiciyar ƙwaya milimita 12 ce, babba santimita 2. A tsarin Birtaniya, wanda masu jarrabawar sana'o'i ta City & Guilds suka saba da shi, burunuwas milimita 2 ne, masedwan kuma milimita 5. Faransawa su ma sun fi sirantawa, juliyen ɗinsu bai cika wuce milimita 1 ko 2 ba.

Saboda haka takardar awon da malaminka ya raba ita ce alƙali. A nan zan yi aiki da awon milimita 3 da 6 saboda lissafinsa ya fi sauƙi, hannun kuwa iri ɗaya ne ko wane awo aka ba ka.

Wuƙa, katako da riƙo

Wuƙaƙe biyu sun ishe ka: babba ta masu girki, mai ruwa santimita 20 zuwa 25, da ƙarama ta fira mai santimita 8 zuwa 10. Ka wasa su tun daren jarrabawa a kan dutse, kana kwantar da ruwan wuƙar kimanin digiri 20. Dogon ƙarfen nan da ake goga wuƙa a jikinsa miƙar da bakin da ya lanƙwashe kawai yake yi, ba ya mayar da dakusasshiyar wuƙa mai kaifi. Ka gwada ta a jikin nunannen tumatir. Idan ta shige fatar ba tare da ka danna ba, ta yi. Idan ta zame ko ta loɓa tumatirin, koma kan dutse. Dakusasshiyar wuƙa ce ke yanke mutum, domin sai ka danne ta da ƙarfi, idan ta zame kuwa da dukkan ƙarfin nan take sauka a yatsa.

Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katako don kada ya riƙa gudu. Idan makarantar na amfani da katakai masu launi, ka ɗauki wanda ya dace. A tsarin Birtaniya kore na salak da 'ya'yan itace ne, ruwan ƙasa na kayan lambu irin su karas da dankali, ja na ɗanyen nama. Malami na iya rage maka maki tun ba ka yanka komai ba idan ya ga karas a kan jan katako. Ka jera kwanuka uku a gefe: ɗaya na ɓawo da shara, ɗaya na ragowar da za a iya amfani da ita, ɗaya na abin da ka gama.

Riƙon wuƙa shi ne ka matse gindin ruwanta, daidai inda ya haɗu da ƙota, tsakanin babban yatsa da manuni, sauran yatsu uku su naɗe ƙotar. Kada ka miƙe manuni a bayan wuƙar. Yana sa ka ji kamar ka fi iko da ita, alhali yana sa ta karkata gefe, kuma wuyan hannu ya gaji da wuri. Ɗaya hannun kuma ka lanƙwashe kan yatsunka ciki, babban yatsa ya ɓuya a bayansu, gefen ruwan wuƙar ya jingina da gaɓoɓin tsakiya na yatsun. Gaɓoɓin nan su ne ma'auninka: iya yadda ka ja su baya, iya kaurin yankan da zai fita. Mu da muka tashi muna ganin iyayenmu mata suna dunƙule alayyahu a tafin hannu suna yanka shi siriri ba tare da katako ba, mun san wannan ma gwaninta ce, amma ba ta da gurbi a ɗakin jarrabawa. In ban da turne, duk yankan a kan katako ake yin su.

Karas ɗaya, daga gunduwa zuwa ƙwaya

A ce ka sami karas miƙaƙƙe wanda kaurinsa ya kai santimita 3 a wajen gindi. Idan an ba ka zaɓi, ɗauki mai kauri kuma miƙaƙƙe, domin siriri ko lanƙwasasshe duk a ragowa zai ƙare. Wanke shi, ka fere, ka cire kai da gindi.

Na farko, datsa shi gunduwa-gunduwa, kowace santimita 5. Ka auna ta farkon da rula, ka riƙa jera sauran a jikinta. Tsawon juliyen ɗinka ya tabbata ke nan tun yanzu, ba sai ka dawo kana datse baki ba.

Na biyu, daidaita gefe huɗu. Kwantar da gunduwar, ka yanke ɗan falle daga gefe ɗaya, sannan ka juya ta ta zauna a kan wannan shafaffen gefen. Yanzu ta daina mirgina, kuma daga nan ne kawai hannunka ya sami aminci. Yanke gefe na biyu, ka juya, na uku, ka juya, na huɗu. Daga nan ka ɗaga gunduwar ka kalli bakinta. Murabba'i kake so ka gani, kusurwoyinsa a tsaye cak. Idan ka ga ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, gyara shi yanzu, don duk abin da zai fito daga jikinta wannan karkatar zai gada.

A nan akwai ɗan lissafin da ya kamata ka sani. Murabba'i mafi girma da zai fita daga da'ira mai faɗin santimita 3 gefensa kimanin milimita 21 ne. Wato kusan kashi 64 cikin 100 na gunduwar ne zai rage maka, fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi a gefuna, ko da hannunka bai yi kuskure ko kaɗan ba. Shi ya sa malami ke leƙa kwanon ragowa. Bai yi tsammanin ya gan shi wayam ba, so yake ya ga gefunan sirara ne, kuma an ware su da tsabta don romo ko miya, ba a cakuɗa su da ɓawo ba. Idan gefunan sun yi kauri, ka cinye karas ɗin mutane. Idan kuma ka ji tsoron asara ka bar ɗan lanƙwasa a kusurwa, silin da suka fito daga kusurwar za su zo da gefe ɗaya a zagaye, malami kuma zai tsince su.

Na uku, fallaye. Wannan ne hawan da ya fi kowanne, don haka kada ka yi sauri. Gunduwa mai milimita 21 za ta ba ka fallaye 7 masu milimita 3. Ka tsaya yadda idonka zai kalli bayan wuƙar daga sama, ka tabbata ruwanta a tsaye yake, bai jingina dama ko hagu ba. Ɗora ta, ka tura gaba da ƙasa a motsi ɗaya. Kada ka danna ta ƙasa kai tsaye, domin karas yana da tauri, idan aka danne shi tsagewa yake yi kafin wuƙar ta kai ƙasa, sai ka ji ƙas, ka ga gindin fallen ya fita da kaushi. Bayan falle na farko ka ɗauke shi ka kalle shi ta gefe. Idan sama ya fi ƙasa kauri, ko ƙasa ya fi sama, wuƙarka ta karkata. Sau da yawa wuƙar takan zame waje yayin da take sauka, fallen ya fita da siririn gindi. Maganinsa ka matso da gwiwar hannunka jikinka, ka sassauta riƙo, ka bar kaifi ya yi aikin. Falle biyu na ƙarshe su ne masu wuya saboda gunduwar ta sirance ba ta tsayuwa. Idan ka ga tana rawa, kwantar da ita ka sa a kwanon ragowa. Asarar falle ɗaya ta fi yankan yatsa sauƙi, kuma jini a kan katako yana tsayar da aiki gaba ɗaya.

Na huɗu, sili. Ɗora falle 2 ko 3 a kan juna, kada su wuce haka. Gwanaye na tara biyar, amma fallen karas yana da santsi, idan tarin ya yi tsawo na tsakiya sukan zame su fito a karkace. Yanka su ta tsawo, milimita 3 tsakanin yanka da yanka. Kowane falle zai ba da sili 7, gunduwar duka 49. Wannan shi ne juliyen. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗauki sili ɗaya ka mirgina shi tsakanin yatsu ka kalli bakinsa. Idan murabba'i ne, ka dace. Idan ya yi fale-fale, faɗinsa ya fi kaurinsa, tazarar yankanka ta fi kaurin fallen. Juliyen ana sa shi a tataccen romo mai garai-garai, a salak, a suyar sama-sama ta minti biyu ko uku, ko a ɗora a kan kifi.

Na biyar, ƙwaya. Tattara sili kamar 8 zuwa 10, ka daidaita bakinsu da gefen wuƙa, ka juya su a gicciye, ka datsa kowane milimita 3. Sili ɗaya na santimita 5 zai ba da ƙwaya 16, ka ga gunduwa guda ta haura ƙwaya 700. Kowace ya kamata ta fito kamar ɗan lido, gefe shida duk daidai. Wannan shi ne burunuwas, ana sa shi a tataccen romo, a miyar da ake zubawa a kan nama, a cikin abin cusawa, ko a yayyafa don ado. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a gaji, tazarar ta fara buɗewa, ƙwayoyin ƙarshe su fito dogaye. Kada kuma ka bi su da sara bayan ka gama don ka ƙanƙanta manyan, sai dai ka tsince su ka fitar.

Idan batone aka nema, komai ɗaya ne sai dai kauri. Gunduwar nan za ta ba da fallaye 3 masu milimita 6, da ɗan rara, kowane falle sanda 3, jimilla 9. Ka datse su a milimita 6, kowace sanda ta ba da ƙwaya 8.

Jardiniya, masedwan da feyizan

Waɗannan ukun 'yan gida ɗaya ne da abin da muka yi. Jardiniya 'yan sanduna ne da suka fi juliyen kauri, ana dafa su a ruwan gishiri a juya su da man shanu a ajiye kusa da nama. Tsawonsu ne ya fi bambanta daga makaranta zuwa makaranta, wasu na so gajeru ƙasa da santimita 2, wasu santimita 4. Masedwan ƙwaya ce mai kimanin milimita 5, kuma yawanci gauraye ne na karas da wasu kayan lambu haɗe da koren wake, shi ya sa ake so ƙwayar ta yi kusa da girman ƙwayar waken. A ci shi da zafi, ko a huce a haɗa da mayonis. Karas ɗin soyayyiyar shinkafarmu, idan an yanka shi yadda ya kamata, masedwan ne.

Feyizan ya ɗan bambanta. Ka yi sanda mai faɗin kimanin santimita 1, sannan maimakon ka datse ta ƙwaya, ka yanka ta fale-fale, milimita 1 zuwa 3. Yana iya zama murabba'i, ko mai kusurwa uku, ko zagaye, gwargwadon siffar abin. A ganina wannan ne yankan da ya fi hankali a cikinsu duka, domin yana bin siffar karas ɗin, ba ya zubar da kashi ɗaya cikin uku. Siririn ƙarshen karas da bai yi gunduwa ba, a nan yake samun aiki: tsaga shi huɗu ta tsawo ka yanka fale-fale. Miyar kayan lambu da ba a markaɗawa ake yi da shi, irin minestiron ta Italiya, inda ake so ya nuna da wuri kuma ya zauna a cokali.

Albasa

Albasa ba a daidaita mata gefe huɗu, domin ta zo da fallayenta tun daga gona. Yanke kan, ka aske saiwar sama-sama amma ka bar gindin, shi ne ke riƙe ɓawo-ɓawon cikinta wuri ɗaya. Raba ta biyu ta tsakiyar gindin, ka ɓare, ka kifa rabin a kan katako gindin yana kallon hannun da ke riƙe. Da tsinin wuƙa ka tsattsaga ta daga wajen gindi zuwa kai, tazarar milimita 3, ba tare da ka ratsa gindin ba. Sannan ka kwantar da wuƙar ka shiga ta kwance sau 2 ko 3, tafin hannunka a shimfiɗe a samanta, yatsu a ɗage. A nan ma ka tsaya kafin gindi. Daga ƙarshe ka datsa a gicciye, ƙwayoyin su zubo da kansu. Gindin da ya rage ya tafi kwanon romo.

Idan ka ga katakon ya jiƙe sharkaf idonka yana ta zuba, wuƙarka murƙushe albasar take yi. Albasar da aka yanka da kaifi takan fito a bushe, ƙwayoyinta a warwatse suna sheƙi. Wadda aka sassara takan yi laushi ta canza launi, kuma tana saurin yin ɗaci. Idan kuwa yankan siriri aka nema, cire gindin gaba ɗaya ka yanka ta bin layukan jikinta, daga kai zuwa gindi. Hakan ne ke sa ta riƙe siffarta a wuta.

Mirfuwa

Wannan shi ne tambayar da ke kama mutane a rubuce, domin suna ne na yanka kuma suna ne na haɗi. Haɗin shi ne albasa kashi 2, karas kashi 1, seleri kashi 1, a ma'aunin nauyi. Idan an ce ka haɗa giram 400, albasa 200 ce, karas 100, seleri 100. Yankan kuwa gutsi-gutsi ne, ba a neman kusurwa, saboda ɗanɗano kawai zai bayar a tace shi a zubar. Amma girman yana bin tsawon dahuwa. Romon ƙashin sa da zai yi sa'a 6 zuwa 8 a wuta yana son manyan gutsattsari, santimita 4 ko 5, don ƙanana za su narke su gurɓata romon. Romon kifi da ke gamawa cikin minti 20 zuwa 30 yana son ƙanana sirara, in ba haka ba za a sauke tukunya ɗanɗanon yana nan cikin karas bai fita ba. Ragowar gefunan da ka tara tun ɗazu nan ne makomarsu.

Shifonad da konkase

Shifonad na ganye ne: latas, alayyahu, kabeji, ɗoɗɗoya. Wanke ganyen ka tsane shi sosai, ka cire jijiyar tsakiya idan mai kauri ce, ka jera ganye 5 ko 6, ka naɗe su tam, ka yanka a gicciye milimita 1 zuwa 2. Sau ɗaya wuƙa za ta bi ta kowane wuri. Idan gefen ganyen ya yi baƙi ko katakon ya rine kore, an murje shi ne. Shi ake bari ƙarshe domin yana saurin yaushi.

Konkase na tumatir ne, kuma shi kaɗai ke buƙatar wuta. Dogon tumatir mai tsoka ya fi dacewa. Ƙwaƙule idon da tsinin ƙaramar wuƙa, ka ɗan tsaga fatar ƙasan a gicciye, ka tsoma a ruwan da ke tafasa daƙiƙa 10 zuwa 15, ka tsamo ka jefa cikin ruwan ƙanƙara nan take. Fatar za ta saɓule da kanta. Raba shi huɗu, ka cire 'ya'yan da ruwan, ka shimfiɗa tsokar ka yanka ƙwaya-ƙwaya kamar milimita 5. Idan ka bar shi a ruwan zafi rabin minti, saman tsokar zai dahu ya yi gari-gari, ƙwayoyin su rasa kusurwa. Idan fatar ta ƙi fita, ko ruwan bai tafasa sosai ba, ko ka zuba tumatir da yawa lokaci ɗaya ka kashe tafasar.

Turne

Wannan ne ɗalibai suka fi tsoro, kuma gaskiya a wajen makaranta da manyan otal-otal ba kasafai ake ganinsa ba. Ana so dankali ko karas ya fito da gefe 7 masu lanƙwasa, tsakiya da kauri, bakin biyu sun tsuke kuma a shafe, tsawo kimanin santimita 5. Shi kaɗai ne ake yi a hannu. Yanka dankalin gunduwa mai santimita 5, ka riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuni, ka riƙe ƙaramar wuƙa, ko mai lanƙwasasshen baki idan akwai, babban yatsan hannun wuƙar ya tokare gindin gunduwar. Jawo wuƙar daga sama zuwa ƙasa a lanƙwashe, jan guda ba tsayawa, ka ɗan juya gunduwar, ka sake. Duk inda ka tsaya a tsakiya sai ya bar tabo. Kada ka yi ta shafta kana neman gefe na bakwai har dankalin ya ƙanƙance. Guda huɗu masu girma ɗaya sun fi samun maki a kan guda ɗaya kyakkyawa da uku da suka sha bamban. Amfaninsa shi ne rashin kaifin kusurwa, yana mirginawa a kasko ya soyu ko'ina, ba ya gutsurewa. Duk dankalin da ka fere ka jefa shi cikin ruwan sanyi, in ba haka ba zai yi duhu kafin malami ya iso.

Jerin aiki ranar jarrabawa

A ce an nemi juliyen da burunuwas na karas, batone da turne na dankali, ƙwayar albasa, konkase da shifonad. Da shigarka ka wanke hannu, ka ɗora ruwan tumatir a wuta, don yana tafasa kana wani aikin. Wanke komai ka fere a lokaci ɗaya, ka kwashe ɓawo, ka goge katako. Fara da karas tun hannunka bai gaji ba, kuma ka yi juliyen ninki biyu, ka zaɓi mafi kyau ka ajiye, sauran ka datse burunuwas. Rufe su da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta don kada su bushe su yi fari-fari. Sai dankali, sai tumatir, sai albasa, domin tana barin wari da danshi a katako. Ganye a ƙarshe. Tsakanin kowane biyu ka goge katako da wuƙa, kuma idan za ka kwashe yanka da wuƙa ka yi da bayanta, kada ka kankare katako da kaifin.

Malami yakan zo da rula. Yakan baza ƙwayoyin da yatsa ya nemi mafi girma da mafi ƙanƙanta ya jera su, ya ɗaga sili ya kalli bakinsa, ya leƙa kwanon shara ko akwai abin ci a ciki. Tun kana aiki ma yana kallon inda babban yatsanka yake da inda kake ajiye wuƙa. Wurin ajiyarta saman katako ne, kaifin yana kallon nesa da kai, ba cikin ruwan wanke-wanke ba inda wani zai zura hannu. Idan an faɗi adadi, kamar turne 4 ko giram 50 na burunuwas, ka kawo daidai adadin. Kafin ka miƙa faranti ka ɗauki minti biyu ka tsince duk ƙwayar da ta fita daban ka mayar kwanon ragowa, ka tsane dankalin da tsumma, ka jera kowane yanka a rukuninsa ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba.